Darasi a Kan Faɗuwar Abu Cikin Iska da Iyakar Gudunsa

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano a Gyadi-Gyadi ko Tarauni cikin watan Agusta, lokacin da damina ta kankama a birnin Kano, ya san irin amon da ruwan sama yake yi a kan rufi, har a kasa jin maganar juna. Amma kuma ya san cewa da gari ya waye za a tarar da kwanon lafiya lau babu huda, yaran da suka fita wankan ruwa kuma sun dawo babu wanda ya ji ciwo. Wannan al'amari, saboda yawan sabo da shi, ba ya ba kowa mamaki, alhali kuwa in aka ɗauko alƙalami aka yi hisabi, sai a ga akwai mas'alar da take bukatar jawabi. A darasin da ya gabata an nuna cewa abin da aka saki ya faɗo, muddin babu abin da ya tare shi, gudunsa yana ƙaruwa da mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, wannan adadi kuwa shi ne ake rubutawa da harafin g. Daƙiƙa a nan ita ce kashi ɗaya cikin sittin na minti. Mu ƙaddara cewa ɗigon ruwa ya baro gajimare daga nisan mita 2,000. Bisa ƙa'idar v² = 2gh, sai a ninka 2 da 9.8 da 2,000, a sami 39,200, tushensa kuwa wajen 198 ne. Ma'ana, da ƙa'idar nan ita kaɗai ce take hukunci, da ɗigon ya iso ƙasa cikin daƙiƙa 20 yana gudun mita 198 a daƙiƙa, wato fiye da kilomita 700 a sa'a guda.

Abin da aka auna ya sha bamban da haka. A shekarar 1949 waɗansu masana biyu na ƙasar Amirka, Gunn da Kinzer, suka wallafa sakamakon awon da suka yi wa ɗigon ruwa iri-iri yana faɗowa cikin iskar da ba ta kaɗawa, suka sami cewa ɗigo mai kaurin milimita 1 yana sauka da gudun mita 4 a daƙiƙa, mai milimita 2 da wajen mita 6.5, mai milimita 5 kuwa da kimanin mita 9, daga nan gudun bai ƙara wani abin kirki ba. Tsakanin 198 da 6.5 akwai tazara mai yawa, kuma maƙasudin wannan darasi shi ne a gano inda sauran gudun ya tafi, da kuma yadda labarin yake bayyana in aka zana shi a takarda.

Sababin bai wuce iska ba. Mutane da yawa suna ɗaukar iska tamkar ba komai ba ce sai in ta kaɗa, amma ita jiki ce mai nauyi, ko tana kaɗawa ko tana kwance: ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 4 da tsayin mita 3, iskar da take cikinsa ta haura kilo 50. Saboda haka duk abin da zai ratsa ta, tilas ne ya ture ta gefe kafin ya wuce, ita kuma tana mayar masa da martani gwargwadon turin da ya yi mata. Wannan martani shi muke kira turjiyar iska, kuma kullum yana fuskantar kishiyar inda abin ya dosa. In abu yana faɗowa, turjiya sama take tura shi.

Malaman da suka gabata sun daɗe suna muhawara a kan wannan. Aristotal na Yunan ya tafi a kan cewa gudun abu mai faɗowa yana bin nauyinsa, yana kuma raguwa gwargwadon kaurin abin da yake ratsawa, har ya kafa hujja da haka cewa sarari wanda babu komai a cikinsa mustahili ne, domin a ganinsa gudu a can ba zai yi iyaka ba. Sai Abubakar Ibn Bajja, masanin Andalus wanda ya rasu a birnin Fas wajen shekarar 1138, ya saɓa masa, ya ce motsin abu yana da nasa gwargwado na asali ko da babu iska ko ruwa, abin da iska da ruwa suke yi kawai shi ne su jinkirta shi. Ibn Rushd ya hakaito wannan ra'ayi a cikin sharhinsa ko da yake bai yarda da shi ba, ta nan kuma ya isa ga malaman Turai. Galileo, a littafinsa na 1638, ya bayyana cewa da za a kawar da turjiya gaba ɗaya da dukkan abubuwa sun faɗo tare, aka kuma nuna wa duniya haka ido da ido a watan Agusta na 1971, sa'ad da David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata, inda babu iska, suka taɓa ƙasa lokaci guda. A ganina bai kamata a yi wa Aristotal dariya ba, domin abin da ya faɗa ya yi kusa da halin abubuwa marasa nauyi bayan sun jima suna faɗowa. Kuskurensa shi ne ya ɗauki ƙarshen labari ya mayar da shi dukan labari.

Abin da ya fi komai muhimmanci game da turjiya shi ne cewa ba ta tsayawa a adadi ɗaya. Nauyin ɗigon ruwa, daga gajimare har ƙasa, kusan ɗaya ne, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Ita kuwa turjiya tana girma ne tare da gudu. Wanda ya hau babur a Titin Zariya ya san haka a ƙirjinsa, domin in ana tafiya a hankali cikin cunkoso ba ya jin komai, in kuwa hanya ta buɗe aka murza, sai ya ji iska tana danna shi baya, rigarsa tana neman barin jikinsa. Ga abubuwa masu ɗan girma da ɗan gudu, irin su dutse da mangwaro da mutum da manyan ɗigon ruwa, in gudu ya ninka sau biyu turjiya tana ninkawa kusan sau huɗu, in ya ninka sau uku ta ninka sau tara. Dalilin haka biyu ne a haɗe: mai gudu ninki biyu yana cin karo da iska ninki biyu a cikin daƙiƙa guda, sannan kowane ɓangare na iskar yana ture shi da ƙarfi ninki biyu, biyu sau biyu kuwa huɗu ke nan.

To, yanzu mu bi ɗigo guda mai kaurin milimita 2, wanda nauyinsa wajen kashi huɗu cikin dubu na giram ne, daga lokacin da aka sake shi. A farkon sakinsa ba shi da gudu, saboda haka babu turjiya ko kaɗan, nauyi ne kaɗai yake aiki, gudunsa kuma yana ƙaruwa da cikakken 9.8, daidai da na dutse. Da ya sami ɗan gudu sai turjiya ta kunno kai, ta cinye wani kaso na nauyin, abin da ya saura na ƙarfi shi ne yake ci gaba da ƙara masa gudu, amma ƙarin bai kai na farko ba. Gudun da ya ƙaru ya ƙara wa turjiya ƙarfi, ita kuma ta ƙara rage ƙarin gudun, haka dai ake tafiya har a kusanci matsayin da turjiyar da take turawa sama ta yi daidai da nauyin da yake ja ƙasa. A nan babu sauran ƙarfin da ya rinjayi wani, kuma abin da babu rinjayen ƙarfi a kansa, kamar yadda Newton ya tabbatar a 1687, yana zarcewa ne da gudun da yake da shi, ba ya ƙarawa ba ya ragewa. Wannan gudu shi ne iyakar gudu, za mu kuma rubuta shi da babban harafin V. Ga ɗigonmu V shi ne 6.5.

A nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe, sukan ce in ƙarfi biyu sun yi kunnen doki ai sai abin ya tsaya cak a sararin sama. A ɗauki misalin ɗan kasuwa a Kasuwar Tarauni wanda ribarsa ta wata ba ta canjawa, amma ɗawainiyarsa tana ƙaruwa duk sa'ad da jarinsa ya ƙaru: ranar da ɗawainiya ta kai riba, jarin ya daina girma, amma bai ƙare ba, yana nan yadda ya taru. Jarin shi ne gudu, abin da ya koma sifili kuwa ƙarin ne kawai.

Ana iya rubuta dukan wannan bayani a layi guda, inda a yake nufin ƙarin gudu a kowace daƙiƙa, v kuma gudun da abin yake yi a wannan lokaci:

a = g(1 − v²/V²)

Mu jarraba shi. Sa'ad da ɗigon ya kai rabin iyakarsa, wato 3.25, turjiya ba rabin nauyi ba ce, rubu'insa ce, tunda rabi sau rabi rubu'i ne. Saura kashi uku cikin huɗu na 9.8, wato 7.35. Sa'ad da ya kai kashi tara cikin goma na iyakar, wato 5.85, turjiya ta cinye kashi 81 cikin ɗari na nauyi, ƙarin gudu ya sauko zuwa wajen 1.9. In aka bi wannan lissafi taki-taki, ana samun adadin da ke cikin jadawalin nan, an kuma jera su kusa da na faɗuwar da babu iska domin a gwada:

| Lokaci (daƙiƙa) | Gudu cikin iska | Gudu in babu iska |
|---|---|---|
| 0 | 0 | 0 |
| 0.2 | 1.9 | 2.0 |
| 0.4 | 3.5 | 3.9 |
| 0.6 | 4.7 | 5.9 |
| 0.8 | 5.4 | 7.8 |
| 1.0 | 5.9 | 9.8 |
| 1.5 | 6.4 | 14.7 |
| 2.0 | 6.5 | 19.6 |

Waɗannan adadi kimantawa ce, domin turjiyar ƙaramin ɗigo ba ta bin ƙa'idar ninki huɗu sau da ƙafa, musamman a farkon tafiya, amma sun isa su nuna siffar al'amarin. Yanzu sai mai karatu ya ɗauko takarda mai gidaje da fensir, ya ja layi a kwance domin lokaci, ya ba kowace daƙiƙa gida goma, sannan ya ja wani a tsaye daga farkon na kwancen domin gudu, ya ba kowace mita a daƙiƙa gida ɗaya. Ya sa ɗigo a mahaɗar kowane lokaci da gudunsa, ya fara da shafin ƙarshe na jadawali. Zai ga ɗige-ɗigen sun jeru a miƙe, har yana iya haɗa su da rula. Sannan ya sa na shafin tsakiya, waɗanda rula ba za ta yi musu amfani ba, sai dai hannu ya bi su sannu a hankali: layin zai tashi tare da miƙaƙƙen, manne da shi, ya rabu da shi kaɗan-kaɗan, ya rusuna zuwa dama, daga bisani ya kwanta a kan tsayin 6.5.

Karanta wannan zane yana da ƙa'ida guda wadda in an riƙe ta sauran duk sun zo da sauƙi, ita ce tsayin layi daga ƙasa yana faɗin gudu, tsananin hawansa kuwa yana faɗin ƙarin gudu. Inda layi yake hawa da ƙarfi, gudu yana ƙaruwa da sauri. Inda hawan ya yi laushi, gudu yana ƙaruwa har yanzu, amma da kaɗan-kaɗan. Inda ya kwanta, gudu ya daidaita. A duba jadawali: cikin kashi biyu cikin goma na farko na daƙiƙa an ƙaru da 1.9, tsakanin 0.8 da 1.0 an ƙaru da 0.5 kacal, tsakanin 1.5 da 2.0 kuwa, duk da cewa lokacin ya fi tsawo, ƙarin bai wuce 0.1 ba. Babu inda gudun ya ragu. Wanda ya dubi lanƙwasar layin ya ce ɗigon yana rage gudu ya yi kuskure, domin raguwar gudu sai layi ya gangaro ƙasa, wannan kuwa bai gangaro ba ko sau ɗaya.

Akwai waɗansu kurakurai da malami yakan gani a littattafan ɗalibai, kuma yana gane su tun daga nesa. Wani yakan ja miƙaƙƙen layi har zuwa 6.5, sannan ya karya shi ya kwantar, ya bar kusurwa mai kaifi, kamar dai iska tana barci ne sai da ɗigon ya kai iyaka ta farka. Alhali turjiya tana ƙaruwa ne da tadriji tun daga farko, saboda haka babu kusurwa a layin. Wani kuma yakan fara layin a kwance sannan ya ɗaga shi sama, wannan kuwa siffar zanen nisa da lokaci ce ya aro, ba ta gudu ba. Akwai ma wanda yake ƙin yarda layin ya yi sama, wai ai abin ƙasa yake yi. Sai a tunatar da shi cewa zanen ba hoton hanyar da ɗigon ya bi ba ne, lissafin gudunsa ne. Dabara mai kyau ta gwada zane ita ce a duba inda miƙaƙƙen layin ya ratsa tsayin V, wanda yake faruwa a lokacin V/g, ga ɗigonmu 6.5 a raba da 9.8, wato wajen kashi biyu cikin uku na daƙiƙa. A daidai wannan lokaci lanƙwasasshen layin ya kamata ya kasance wajen kashi uku cikin huɗu na iyakar, in kuwa aka ninka lokacin sau uku, ya kamata a ce ya kwanta. Ta fuskar hisabi zalla layin ba ya taɓa V, kusantarsa kawai yake yi har abada, amma bayan daƙiƙa 2 abin da ya rage bai kai kaurin bakin fensir ba, kuma babu amfanin jayayya a kansa.

Zanen yana ɗauke da nisa kuma, domin filin da yake ƙarƙashin layi shi ne nisan da aka faɗo. Da ɗigon ya fara da 6.5 tun daga sakinsa, da cikin daƙiƙa 2 ya yi mita 13. Amma ɓangaren da ke sama ta hagu, tsakanin lanƙwasar da tsayin V, babu shi a cikin lissafi, in kuma aka ƙirga gidajensa za a ga ya kai mita 3. Saura mita 10. Wato ɗigon yana gama tara gudunsa ne cikin mita goma na farko, tsayin bene mai hawa uku, sauran mita 1,990 kuma duk a kan kwantaccen layi yake yin su, cikin kimanin minti biyar. Wannan shi ne jawabin mas'alar da muka fara da ita: ko daga mita 2,000 ɗigo ya taso ko daga mita 20, da gudu ɗaya yake isowa, ƙarfin da zai zama gudu kuwa ya tafi wajen motsa iska da ɗumama ta.

Me yake yanke wa kowane abu iyakarsa? Abu uku ne: nauyinsa, da faɗin fuskar da yake tunkarar iska da ita tare da siffarta, da kuma kaurin iskar kanta. Mai nauyi yana bukatar turjiya mai yawa kafin a yi daidai da shi, saboda haka sai ya yi gudu mai yawa. Mai faɗi kuwa yana samun turjiyarsa tun gudu bai yi nisa ba. In ɗigo ya ninka kauri sau biyu, nauyinsa yana ninkawa sau takwas, fuskarsa sau huɗu kawai, shi ya sa manyan ɗigo na hadarin farkon damina suke dukan kwano da ƙarfi, yayyafi kuwa yake sauka kamar ba ya so. Amma ruwa ba dutse ba ne: in ɗigo ya yi girma iska takan baje ƙasansa ta ƙara masa faɗi, in ya wuce milimita biyar ko shida kuma yakan fashe ya zama ƙanana, saboda haka gudun ruwan sama ba ya wuce mita tara da 'yan kai a daƙiƙa. Ƙanƙara ba ta bajewa, don haka manyanta suke yaga ganyen dawa. Matan da suke shiƙar gero da wannan bambanci suke aiki, sa'ad da suka ɗaga ƙwarya suka tsiyayo: tsaba, wadda iyakarta take da yawa, tana sauka kusan a miƙe cikin ƙwaryar ƙasa, ƙaiƙayi kuwa ya kai tasa ƙaramar iyaka nan take, ya jima a sama, iska ta sami zarafin kwashe shi gefe.

Matuƙar wannan al'amari ana ganinsa da hunturu, lokacin da hazo yake rufe Kano har a daina hango ƙarshen titi, akasarin ƙurar kuwa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska take ɗauko ta. Ga abu ƙanƙane haka ƙa'idar ninki huɗu ba ta aiki; Stokes ya nuna a 1851 cewa turjiyarsa tana bin gudu ne kai tsaye, ninki biyu da ninki biyu. Ƙwayar ƙura mai kaurin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita iyakarta wajen milimita 8 ce a daƙiƙa, tana kuma kai wa gare ta cikin kimanin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, har zanenta ya zama kamar kwantaccen layi tun daga farko. Daga tsayin mita 1,000, ko da iska ta kwanta sarai, sai ta yi kusan kwana ɗaya da rabi kafin ta sauka a kan tabarma, waɗanda suka fi ta ƙanƙanta kuwa sai su yi makonni.

Wajibi ne a yi gargaɗi a nan, kada wani ya ɗauka iyakar gudu kariya ce daga duk abin da ya faɗo. Dutse mai kaurin santimita 5 iyakarsa ta haura mita 50 a daƙiƙa, kuma sai ya faɗo ɗaruruwan mita kafin ya kusance ta. In ya suɓuce daga saman gini mai mita 10, irin benayen da ake ta ɗagawa a unguwannin nan, zai iso da gudun kusan mita 14, a lokacin kuwa turjiya ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa ba. Dukan tafiyarsa a miƙaƙƙen ɓangaren zane take. Ga lebura da yake kwaɓa siminti a ƙasa, lissafin da babu iska shi ne gaskiya, hular kwano kuma ita ce magani. Hanyar sanin ko za a iya ƙyale iska a lissafi ita ce a gwada gudun da aka samu da V: in bai kai sulusinsa ba, turjiya ba ta wuce kashi ɗaya cikin tara na nauyi ba, ana iya yafe ta.

Akwai zane guda da yake gangarowa, shi ne na sojan lema. In ya diro daga jirgi ya baje hannuwa da ƙafafu, layinsa yana hawa ya lanƙwasa ya kwanta wajen mita 55 a daƙiƙa, bayan daƙiƙa goma sha biyu ko kusa da haka. Da ya buɗe lema sai faɗinsa ya ƙaru ƙwarai alhali gudunsa yana nan, turjiya ta rinjayi nauyi nesa ba kusa ba, layin ya gangaro da sauri, sannan ya sassauta ya kwanta a sabuwar iyaka, wajen mita 5. Masu kallon majigi sukan rantse cewa lema tana fizgar mutum sama, amma layin bai taɓa sauka ƙasa da sifili ba, ma'ana mutumin bai daina yin ƙasa ba. Mai ɗaukar hoton ne, wanda bai buɗe tasa ba tukuna, ya wuce shi. Kaurin iska ma yana sauya layin: a ranar 14 ga Oktoba 2012 Felix Baumgartner ya diro daga tsayin kusan kilomita 39, inda iska take da ƙaranci, gudunsa ya wuce kilomita 1,300 a sa'a, sannan ya riƙa raguwa da kansa yayin da yake shigowa iska mai kauri, tun bai taɓa lemarsa ba.

Aikin da za a yi kafin zama na gaba ba ya bukatar kuɗi. A yanko da'ira biyar masu girma ɗaya daga takarda iri ɗaya, faɗin kowace kamar santimita 20, a cire rubu'in kowace, a haɗa bakin da gam ta zama mazurari. A bar ɗaya ita kaɗai, a cusa huɗu cikin juna, domin nauyi ya ninka sau huɗu alhali fuska da siffa ba su canja ba. Ƙa'ida ta ce iyakar gudu za ta ninka sau biyu ne, ba sau huɗu ba. A sake su tsininsu yana kallon ƙasa daga saman bene, a cikin gida inda iska ba ta kaɗawa, a kashe fanka. Kada a fara ƙirga lokaci daga saki, domin a nan layin yana hawa ne tukuna: guda ɗayar takan daidaita cikin kamar rabin mita, huɗun kuwa suna bukatar wajen ninki huɗu na wannan nisa, wanda kuma ya manta da haka zai sami ninkin da bai kai biyu ba ya zargi ƙa'ida. A yi alama biyu da alli a bango, can ƙasa, mita ɗaya tsakaninsu. Yatsan mutum a kan agogo yakan makara da kusan kashi biyu cikin goma na daƙiƙa, wanda ya isa ya ɓata awon gaba ɗaya, saboda haka ya fi kyau a ɗauki faɗuwar da wayar hannu, a dawo a kalle ta hoto bayan hoto. In tazarar da mazurari yake yi tsakanin hoto da hoto ta zama ɗaya, ya kai iyakarsa. In tana ƙaruwa, sai a ƙara tsayin wurin saki. Kowane ɗalibi ya zo da zane biyu a takarda ɗaya, na guda ɗaya da na huɗu, ya kuma shirya bayyana dalilin da ya sa suka tashi da hawa iri ɗaya amma suka kwanta a tsayi dabam.